Kwalina kilo 6 ne a sikeli, an caje ni kuɗin kilo 22.5

Tambaya daga wata mai karatu a Agege: "Assalamu alaikum. Ina saro huluna daga Maiduguri ina turawa masu saye a Landan. Na haɗa huluna 30 a kwali, na ɗora a sikelin gida ya ba ni kilo 6. Da na kai Ikeja sai yaron ofishin aike ya ɗauko tef ya auna kwalin, ya ce kuɗin kilo 22.5 zan biya. A jikin kwalin an rubuta 60 x 40 x 40. Cuta ce ko haka abin yake? Kuma yaya zan yi in rage?"

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba a cuce ki a kan ƙa'ida ba, amma akwai kuɗi mai yawa a cikin wannan lissafi da ba dole ba ne ki biya shi. Aikina ke nan a wajen wani ejan ɗin kago a Ikeja, tef da sikeli ne a hannuna daga safe zuwa yamma, kuma da ganin lambobin da kika kawo na san yadda aka yi aka kai 22.5.

Jirgin sama abu biyu ne ke ƙare masa: ƙarfin ɗaukar nauyi da kuma fili. Ki tambayi duk direban tirela da ke sauke kaya a Mile 12, zai gaya miki idan siminti ya loda, nauyi ne ke tsayar da shi tun motar ba ta cika ba, idan kuwa katifu ne, motar za ta cika maƙil alhali ko rabin nauyin da take iya ja bai kai ba, kuma man da zai sha zuwa Kano bai ragu sosai ba. Saboda haka kamfanonin aike suke auna kaya sau biyu. Na farko a sikeli. Na biyu da tef, a juya girman kwalin ya zama kilo. Wanda ya fi yawa a cikin biyun shi ake caja. A rasit ko a shafinsu za ki ga an rubuta na biyun da sunan volumetric weight, wasu kuma dimensional weight, mu a wajen aiki nauyin girma muke cewa ko kawai "awon tef".

Yadda ake lissafin

Ana auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a ninka su, a raba da wata lamba da kamfanin ya tsayar. A aiken gaggawa zuwa ƙasashen waje, irin na DHL da FedEx da UPS, lambar 5000 ce:

```
(tsawo x faɗi x tsayi) ÷ 5000 = kilo
```

Ma'anar 5000 ɗin nan ita ce kowane kilo ɗaya da kika biya ya saya miki filin da bai wuce lita biyar ba a cikin jirgi. Kayanki na kilo 6 suna da haƙƙin lita 30 ke nan, wato kwali kamar 40 x 30 x 25. Duk filin da kwalinki ya ci sama da haka, biya za ki yi ko da iska ce a ciki.

To mu ɗauki kwalinki yadda aka rubuta a jikinsa. 60 sau 40 ya ba da 2,400, sau 40 kuma ya zama 96,000. A raba da 5000, an sami 19.2. Kamfanonin gaggawa galibi ba sa cajin ɓarɓashi, sama suke turawa zuwa rabin kilo na gaba, wasu ma zuwa cikakken kilo, don haka 19.2 zai koma 19.5. Tun kafin ki sa hula ko ɗaya a ciki, kwalin nan shi kaɗai ya riga ya ci kuɗin kilo goma sha tara da rabi. Sikelin gidanki bai yi ƙarya ba, sai dai ba shi ke da magana a nan ba.

Saura kilo uku, tsakanin 19.5 da 22.5. Idan aka bi lissafin ta baya, 22.5 sau 5000 ya ba da 112,500, wato girman da yaron ya auna yana kusa da haka. Kwalin da ya koma 62 x 42 x 43 yana ba da 111,972, a raba da 5000 ya zama 22.39, a tura sama ya zama 22.5 cif. Ki duba rasit ɗinki, ina kyautata zaton lambobi irin waɗannan za ki gani.

Ina santimita biyu ko ukun nan suka fito? Hular babban mutum faɗinta yana kusa da santimita 19 zuwa 20, tsayinta kamar 10. A ƙasan kwali mai 60 x 40, huluna shida ne ke zama, uku a tsaye biyu a kwance. Hawa huɗu ke nan zuwa baki, huluna 24. Ke kuwa talatin kika sa, kuma na san al'adar masu hula, sai an cusa wa kowace jarida don kada ta lotse. To dole murfi ya ƙi rufuwa sai an danna, dole cikin kwalin ya turo ta gefe. Daga nan a sa shi a buhu, a naɗe da salatif hawa-hawa, a ɗaure da igiya a yi masa mariƙi a sama. Duk wannan yana shiga awo. Mai auna kaya ba ruwansa da abin da aka buga a jikin kwali, inda ya fi tudu yake nema. Ban da haka, lambar da ke jikin wasu kwalaye awon ciki ne, kaurin kwalin kansa bai shiga ba.

Abin da ya kamata ki riƙe a nan shi ne tsadar santimita ɗaya. A kwalin da ƙasansa 60 x 40 ne, ƙarin santimita guda a tsayi yana ƙara 2,400, wato 0.48, kusan rabin kilo. Murfin da ya ɗaga da faɗin yatsu biyu ya ci miki kilo ɗaya da rabi. Mutane suna ta faman cire hula ɗaya ko biyu don sikeli ya sauka, alhali sikelin ba shi ne matsalar ba.

Auna shi a gida kafin ki hau mota

Ki auna bayan kin gama rufewa da naɗewa, ba kafin ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: a auna kwali yana fanko, a yi lissafi, a faɗa wa mai saye a Landan kuɗin aike ya amince, sannan a cika kwalin ya kumbura, a zo kanta a ji wani farashi daban. Lokacin kuma ribar ce ke tafiya, don ba kowane mai saye zai yarda a ƙara masa ba.

Tef ɗin tela yana yi, amma yana da illa biyu. Ta farko, yana lanƙwasa, yana bin jikin kwali, alhali abin da ake so shi ne miƙaƙƙen layi daga wuri mafi turowa a wannan gefe zuwa wuri mafi turowa a wancan. Dabarar da nake koya wa mutane ita ce a jingina kwalin da bango, a samo faffaɗan katako ko babban littafi mai tauri a tsayar da shi a ɗaya gefen har ya taɓa inda kwalin ya fi ciki, sai a auna daga bango zuwa katakon a ƙasa. A juya kwalin a sake yi don faɗi. Tsayi kuma a ɗora katakon a kwance bisa murfi ba tare da an danna ba, a auna daga ƙasa zuwa ƙarƙashinsa. Idan awo ya faɗa tsakanin lamba biyu, kamar 41 da ɗoriya, ki rubuta 42. Gara ki yi wa kanki tsanani a gida.

Illa ta biyu ta fi haɗari. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗayan, kuma duk mai harkar hula da inci ta saba, tunda lambar hula, 22 ko 23, awon kai ne da inci. Kwalinki da inci zai ba da kamar 24 x 16 x 16, wato 6,144. Wanda ya raba wannan da 5000 zai ga 1.2, ya yi murna ya ce ai sikeli ne zai yi aiki. Na taɓa ganin wani bawan Allah daga Idi-Araba da ya zo da takarda a hannu da irin wannan lissafi, yana rantsuwa an zalunce shi, sai da muka juya masa tef ɗinsa ya ga ɗaya fuskar. Idan da inci aka auna, da 139 ake rabawa, kuma amsar laba ce ba kilo ba: 6,144 a raba da 139 ya ba da laba 44 da 'yan kai, kimanin kilo 20. Ki rabu da wannan hanya gaba ɗaya. Ki duba gefen da lambobinsa suka fi ƙanana da matsewa, shi ne santimita, inci ɗaya yana da santimita 2.54.

Abin da ba kwali ba kuma, ana ɗaukarsa kamar an saka shi cikin mafi ƙanƙantar kwali da zai iya ɗaukarsa. Darduma ko tabarma da aka naɗe, mai tsawon 100 da kaurin 20, ana rubuta ta 100 x 20 x 20, kilo 8, duk da cewa kusurwoyin nan huɗu babu komai a cikinsu. Jakar Gana-mas-go ita ce ta fi ba mutane haushi, don ba ta da tsayayyen siffa, tana zaune tana baje ciki, kuma cikin ne za a auna. Wasu kamfanonin ma ba sa karɓarta sai an sake zuba kayan a kwali, ko su ƙara kuɗin ɗawainiya.

Yadda za a rage, da hulunanki talatin

Hanya ta farko ita ce ki bar jarida, ki jera hulunan ɗaya cikin ɗaya. Ki ware su bisa lamba, ƙarama ta shiga cikin babba, a sa 'yar leda ko siririyar takarda tsakani don kada zaren wata ya kama na wata. Jeri shida, kowane jeri huluna biyar. Ta farko ta ci santimita 10, kowace da ta biyo baya ta ƙara kamar 3, jerin bai wuce 22 ba. Kwali mai tsayin 25 ya ishe ki. Ba sai kin nemi wani ba: ki sa reza ki tsaga kusurwoyin wannan kwalin guda huɗu daga sama zuwa inda kaya suka tsaya, ki ja layi da bayan wuƙa don ya lanƙwasu daidai, ki ninke ya zama sabon murfi, ki yanke rarar. Yanzu 60 x 40 x 25 ya ba da 60,000, kilo 12. Daga 22.5 zuwa 12, hulunan nan dai talatin, ba a rage ko ɗaya ba.

A ce, don misali kawai, ana cajin naira dubu goma a kowane kilo. Da kin biya dubu 225, yanzu dubu 120. A kan kowace hula, aike ya sauko daga naira 7,500 zuwa 4,000. Farashin gaske ba ya tafiya daidai wa daida haka, kilon farko ya fi tsada, na baya suna sauƙi, amma girman bambancin zai yi kusa da wannan.

Hanya ta biyu ita ce a ninke hulunan a kwance, kamar yadda ake kawo da yawa daga cikinsu kafin a kai wa mai wanki ya ɗora a kan katako ya sa sitaci. A ninke, talatin za su iya shiga kwali kamar 40 x 30 x 25, kilo 6, inda tef da sikeli suka yi kunnen doki. Ƙasa da nan ba riba, don ko kin ƙara matsewa sikeli ne zai karɓi magana. Sai dai ni ba na ba da wannan shawara ga hular da aka riga aka wanke aka ɗaure. Mutumin da ke Landan ba shi da mai wankin hula a bakin layi kamar na Agege, idan ta iso masa da karaya a tsakiya haka zai sa ta ranar Juma'a yana jin haushinki. Ki tambaye shi tukuna. Mai sari da zai sake sayarwa yana iya yarda da ninkakkiya don sauƙin kuɗi, wanda zai sa a kansa ranar Sallah ba zai yarda ba.

Akwai abu na uku da mutane kaɗan ke lura da shi. Idan kin tsaya a kwalin kilo 12 alhali sikeli yana nuna 6 ko ƙasa da haka, kin riga kin biya kuɗin wasu kilo shida da ba ki yi amfani da su ba. Duk wani abu mai nauyi marar cin wuri da zai shiga cikin ramin hulunan ƙasa ko tsakanin jeri da jeri, kyauta zai tafi, muddin kwalin bai ƙara girma ba kuma sikeli bai haura 12 ba. Carbi, ko mayafi a naɗe, ko yadin shadda a shimfiɗe a ƙasa idan tsayin ya bari. Masu wayo a cikin abokan cinikinmu haka suke yi, suna haɗa odar mai hula da ta mai yadi. Amma komai ki rubuta shi a takardar kaya da ƙimarsa ta gaskiya, kuma kada a yi kwaɗayin cusa turare na ruwa, ana lissafa shi cikin kaya masu kama wuta, ko kilishi, wanda dokar Birtaniya ba ta yarda a aiko da nama irinsa daga nan ba. Abu ɗaya irin wannan yana iya sa a tsare kwalin duka.

Raba kaya gida biyu kuwa ba ya rage komai idan jimillar girman ɗaya ce. Kowane kwali ana auna shi daban, kuma kin ƙara kaurin kwali da salatif.

Lambar rabawa ba ɗaya ba ce a ko'ina

Kagon jirgi na gama-gari, wanda ejan-ejan ke tarawa su kai sashen kaya na filin jirgin Murtala Muhammed, bisa ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, da 6000 ake rabawa. A nan mita ɗaya ta kowane gefe tana daidai da kilo 167, a aiken gaggawa kuwa kilo 200. Kwalinki na asali mai 96,000 zai zama kilo 16 maimakon 19.2, wanda aka yanke kuma kilo 10 maimakon 12. Wannan ne ya sa kwatanta farashin kilo kaɗai yake ruɗi. Wani zai ce miki kilonsa ya fi araha, amma da 5000 yake rabawa, wani ya ɗan fi tsada amma da 6000. Ga kaya marasa nauyi irin naki, wanda ke rabawa da 6000 yana cajin kilo biyar a inda ɗayan ke cajin shida. Kafin ki ɗauki kwali daga Agege, ki kira ki tambayi abu uku: da nawa suke rabawa, zuwa rabin kilo suke turawa ko cikakke, kuma akwai mafi ƙarancin kilo da suke karɓa. Sai ki ba su awonki su faɗi jimillar kuɗi, ita za ki kwatanta. Ki tambaya kuma ko har ƙofar gida ne ko mai saye zai je ya karɓa, don kagon da ya yi araha sau da yawa a nan bambancin yake.

A cikin gida, aike daga Legas zuwa Kano ko Abuja ta kamfani, kowane yana da nasa tsarin, wasu suna amfani da tef ɗin, wasu sai kaya sun yi girma sosai. A tasha kuwa ido ne sikeli, direba ya dubi kwali ya yanke, ki taya. Shi ma girman yake kallo.

Idan kina ganin an yi miki ƙari a kanta, ba sai an yi hayaniya ba. Ki ce a sake aunawa a gabanki, ki kalli gefen tef ɗin da ake karantawa, ki tabbata tef ɗin a miƙe yake ba a karkace ba, ki sa a rubuta lambobin uku a rasit, ki buga a kalkuletar wayarki. Bambancin santimita ɗaya tsakanin awonki da nasu ba abin mamaki ba ne. Biyar ko shida kuwa akwai magana. Ki ɗauki hoton kwalin da tef a jikinsa ta gefe uku kafin ki bar wurin, domin manyan kamfanoni suna sake auna kaya da na'ura a cibiyarsu, kuma idan nasu ya fi, suna iya biyo ejan da ƙarin kuɗi, shi kuma ya biyo ki. Kwali mai laushi da aka ɗora wa wasu kaya a mota yana iya bajewa a hanya ya ƙara faɗi, shi ya sa nake fifita kwali mai kauri biyu ko da ya ƙara 'yan giram a sikeli. A yanayinki giram ɗin nan ba ya cin ko kwabo.

Tef yana da iyakarsa. Kilon da za a caja kaɗai yake gaya miki. Kuɗin mai da kamfanonin gaggawa ke ɗorawa bisa kaso kuma suke sauyawa lokaci-lokaci, da ƙarin da ake yi idan adireshin yana wajen gari, da harajin da kwastam na can za su nema bisa ƙimar kaya, duk ba sa cikin wannan lissafi, sai an tambaya daban. Matse kwali kuma yana da inda yake tsayawa. Hula da yadi suna jure matsi, amma kaskon turaren wuta ko kwalba suna buƙatar abin tare su ta kowane gefe, santimita biyar ko kusa da haka, kuma wannan filin biyansa za a yi. Kwalin da zai tafi da abin fashewa a auna shi da abin tarewar a ciki, a sa kuɗin a farashin da za a faɗa wa mai saye tun farko.